Caji a Filin Jirgi: Ramin USB Ba Wuta Kaɗai Yake Bayarwa Ba

Batirin matafiyi ya kusa mutuwa a filin jirgin sama, sai ga ramin USB a jikin kujera. Wa zai tsaya dogon tunani? To amma ramin USB irin na da ƙarafa huɗu ne a cikinsa. Biyun gefe su ke ɗauko wuta, biyun tsakiya kuwa hanyar bayanai ce, wadda hotuna ke bi daga waya zuwa kwamfuta. Idan mugu ya ɓoye ƙaramar kwamfuta a bayan ramin, ta wannan hanya zai nemi kwashe abin da ke wayar ko ya cusa mata muguwar manhaja. A 2011 masu bincike suka nuna hakan a taron DEF CON a Las Vegas, kuma a 2023 ofishin FBI na Denver ya gargaɗi jama'a.

Wayoyin yanzu sukan nemi izini kafin su saki bayanai. Idan kana caji a bango sai iPhone ta rubuto "Trust This Computer?", zare kebul nan take, domin bango ba ya buƙatar amincewarka.

Maganin da ya fi kwanta mini shi ne toshe hanyar gaba ɗaya. Akwai ɗan mahaɗi da ake sa wa tsakanin ramin da kebul ɗinka. Leƙa bakinsa za ka ga babu ƙarafan tsakiya. Kebul mai wuta zalla ma haka yake aiki. Gwada shi a gida: haɗa wayar da kwamfuta, idan tana caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba, ya yi. Sai dai caji kan yi nawa, saboda wasu wayoyin ta layin bayanan suke neman ƙarin wuta.