Fuskar da Ba Ta Zama Ɗaya

Manhajoji irin su Runway kan mayar da rubutu bidiyo, amma na 'yan daƙiƙu kawai, kuma ba koyaushe suke riƙe kamannin abin da suka zana ɗazu ba. Ka ce su fito maka da yarinya mai jan kallabi tana tallar fura: a fitowar farko kallabin ja ne, a ta biyu ya koma ruwan goro, ƙwaryar ma ta sauya girma. Yatsu kuwa, sai a hankali. Dalilin shi ne, kowace fitowa sabon zane ne daga tushe.

Saboda haka gogaggun masu katun kan raba aikin. Su zana yarinyar da hannu ta gaba, ta gefe da ta baya, su tsayar da launukanta. Injin a bar masa abin da ba a ƙura wa ido: hadari, ƙura, kasuwa daga nesa. Sannan a ɗora zanen hannun a kai a Blender, zane 12 a kowace daƙiƙa, a daidaita haske da launi, a sa mata inuwa a ƙasa. In babu inuwar, sai ka ga kamar liƙa ta aka yi.

Fuska da hannuwa dai, kada ka bar wa inji.