Jawabin Muhawara Da Ya Kamata A Maimaita A Zaure

A zangon karatun da ya wuce an gayyace ni alƙalanci a wata muhawara tsakanin makarantu biyu na ƙasar Ɗambatta. Taken shi ne ko ya kamata a bar 'ya mace a makaranta har ta kammala sakandare. An fito da bencuna ƙarƙashin darbejiya, an ajiye tebur da ƙararrawar ƙarfe a kai, an ba kowane mai magana minti biyar.

Yarinyar farko ta zuba jawabi kamar ruwan famfo. Ta gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, ta ce ilimi haske ne, jahilci duhu ne, ta kawo sunan Nana Asma'u, ta zauna ana ta tafi. Na ba ta maki mai kyau a kan lafazi. Amma na san da mahaifinta na wurin, da kai kawai zai gyaɗa, gobe kuma ya karɓi kuɗin gaisuwa. Ai bai taɓa musun cewa ilimi haske ne ba. Shi ne ma ya kai ta Islamiyya da hannunsa.

Ta biyu ce ta sa na ɗauki biro yau. Muryarta na rawa, ta ma manta ba ta gaishe da mai kula da lokaci ba, aka rage mata maki. Ga abin da ta fara da shi: "Malamaina, iyayena, mu talatin da ɗaya muka rubuta jarrabawar aji uku a ajinmu. Mu tara muka dawo aji huɗu. Ina so in faɗa muku inda sauran suke, da abin da takardar da ke hannunsu za ta iya yi musu."

Nan ta taɓo ainihin ciwon. A ƙauyukanmu na Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Bichi, ba kasafai ake cire yarinya a tsakiyar zango ba. A dogon hutun damina ake rasa ta, bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin tana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar. Dokar ilimin bai ɗaya ta tarayya ta 2004 shekara tara ta wajabta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Iyaye da yawa sun ɗauka a nan karatu ya kai gaɓa. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2020 wadda ta kai ilimi kyauta kuma dole har babbar sakandare, sai dai doka ba ta ɗaukar yarinya a kan babur.

To, me takardar aji uku ke buɗewa? A wajen neman ƙarin karatu, ƙofa ɗaya tak: aji huɗu. Idan ba a shiga ba, ta zama takardar ajiya a ƙasan akwati. Yarinyar ta nuna hannu wajen gari ta ce makarantar ungozoma na nan cikin Ɗambatta, ba Legas ba, ba Abuja ba, amma ba a shiga sai da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke Bichi ita ma sakamakon aji shida take nema kafin a shiga karatun NCE, mafi ƙarancin takardar da ake zama cikakken malamin firamare da ita a Najeriya. Wato wanda ya cire 'yarsa a aji uku ya yi noma, ya yi maimai, ya zuba taki, sannan ya bar gonar ana saura kaɗan gero ya nuna.

Daga nan ta juyo da maganar kan maza, cikin ladabi. Ta ce, "Baba, kai ne ba ka yarda namiji ya duba Inna a ɗakin haihuwa ba. To wa zai haifa mana macen da za ta duba ta?" Wurin ya yi tsit. Kowa a nan ya san asibitin shan magani na ƙauye da ba ma'aikaciya mace da dare, ya kuma san cewa wadda aka turo daga birni ba ta cika daɗewa ba kafin ta nemi canji. 'Yar gari ce ke zama, domin nan ɗakinta yake, nan danginta suke.

A nan zan yi wa malamai masu rubuta wa yara jawabi gargaɗi. Kusan duk muhawara irin wannan sai an ce auren wuri ne ke kawo yoyon fitsari, a tsaya nan. Sai wani dattijo ya ce ai tsohuwarsa tana da sha uku aka yi mata aure, ta haifi goma lafiya, shi ke nan hujja ta rushe. A faɗi abin yadda yake. Doguwar naƙuda ce ke kawo lalurar. Kan jariri ya tokare a ƙugu kwana ɗaya ko biyu, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ya ɓule. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga wannan haɗari a haihuwar fari, musamman in asibitin da ake tiyata na nesa kuma aka yi ta jira a gida. Babbar mace ma tana samu. Wanda ke shakka ya je sashen masu wannan lalura a asibitin Murtala da ke Kano, ko Babbar Ruga a Katsina. Shekara ukun babbar sakandare suna ba jiki lokaci, suna kuma koya wa yarinya cewa naƙudar da ta wuni ta kwana ba ta rubutu da tofi kaɗai ba ce.

Ɓangaren adawa fa ba su zo da wasa ba, kuma gaskiya suka faɗa. Wani yaro ya ce ƙaramar sakandare tana cikin ƙauyensu, sau da yawa ma a harabar firamare, amma babbar tana hedikwatar gunduma, tafiyar kilomita bakwai ta cikin gonaki. A watan Satumba, lokacin da ake komawa makaranta, dawa ta fi mutum tsawo. Wane uba zai saki budurwa a wannan turba ita kaɗai? Makarantar kwana kuwa, tun satar ɗalibai mata a Jangebe ta jihar Zamfara a Fabrairun 2021, wadda ta sa gwamnatin Kano ma ta rufe wasu makarantun kwana na wajen gari, hankalin iyaye bai gama kwanciya ba.

Yarinyar ba ta kauce ba, lissafi ta yi a gabanmu. Ta ce a ƙaddara acaɓa zuwa da dawowa naira ɗari biyar ne. Shekarar karatu tana da kwana kusan ɗari da casa'in, wato naira dubu casa'in da biyar ke nan, ban da kuɗin tara da inifom da littattafai. Manomin da zai sayi taki ba zai iya ba, kuma kada a ce masa maƙiyin ilimi. Amma su huɗu ne a unguwarsu, iyayensu suka yi ciniki da ɗan acaɓa ɗaya sananne, mai iyali, ana biyansa a wata, yana sawu biyu, bibbiyu. Ranar da ba mai, su taka tare, yayan ɗayarsu na biye da su a keke. Ta kuma ambaci shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Kano na cikin jihohin farko, mai ba iyaye mata tallafin kuɗi bisa sharaɗin yarinya tana zuwa aji. A tambayi shugabar makaranta ko kwamitin iyaye ko makarantar na ciki. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa sunan 'yarka, ɗan damfara ne.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa daga wajen uwa take fitowa. Kuɗin tallar ƙosai da dafaffiyar gyaɗa su ake zubawa a adashi, da su ake tara kwanuka da gado da katifa. Uwar da ta kai 'yarta ɗaki ba kaya ta san gorin da za ta sha a wajen dangin miji. Yarinyar ta ce ita tana talla da yamma da ranar kasuwa, safiya kuwa ta makaranta ce. Ban ce wannan ya warware matsalar ba. Ribar ta ragu, kuma uwa ce ke ɗaukar asarar. Shi ya sa nake ganin jawabin da bai yi wa iyaye mata magana ba rabin jawabi ne.

Sai batun manemi. Ana cewa a yi auren, ta ci gaba a ɗakinta, ango ya yi alkawari. Akwai waɗanda suka cika, kuma Kano na da azuzuwan matan aure ƙarƙashin hukumar ilimin manya da aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi. Amma yawancinsu a gari suke, ciki kuma ba ya jiran jadawalin jarrabawa. Wanda zai ba da aure bisa wannan sharaɗi, ya sa a faɗe shi a gaban waliyyai da shaidu, a ambaci makarantar, a ambaci wanda zai biya. Alkawarin zance a ƙofar gida ba ya kai bayan biki.

Akwai abin da ba wanda ya taɓo a ranar, kuma shi ya fi damuna. Ana iya kai yarinya aji shida ta fito hannu rabbana. A aji huɗu ake raba ɗalibai zuwa kimiyya ko adabi ko kasuwanci. In burin ungozoma ne, kuma makarantar ba ta da malamin Fizis ko Kimistiri, an ɓata hanya tun daga ranar farko, ba kuma za a gane ba sai an je sayen fom. Uba ya je da ƙafarsa ya tambaya wa ke koyar da waɗannan darussa, sau nawa a mako. Ko bai iya boko ba, zai iya buɗe littafin rubutunta ya ga ko shafuka na ƙaruwa, ko akwai jan biron malami a ciki. Littafin da ya yi wata guda ba sabon rubutu ya gaya maka komai. A aji biyar kuma akwai jarrabawar tantancewa ta jiha, wadda ake dubawa wajen zaɓen waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. Wanda 'yarsa ba ta haye ba, shi zai biya, don haka gara a ware akuya ɗaya tun da wuri. A kuma guji cibiyoyin da ke alkawarin kiredit tara ba karatu. Ana soke sakamako, wanda ya tsira kuma jarrabawar shiga makarantar gaba tana tona shi.

Da aka haɗa maki, ta farko ce ta ɗauki kofi, mai lissafin acaɓa ta zo ta uku. Muna watsewa wani dattijo daga kwamitin iyaye ya tsayar da ita, ya ce, "'Yata, wannan ɗan acaɓan naku, yana da wurin mutum ɗaya?" Ta durƙusa ta ce, "Sai dai a nemo na biyu, Baba, mun cika."