Idan Kundin Digiri Ya Ƙi Buɗewa a Kwamfutar Malam

Ɗalibi ya tura kundin bincikensa ranar ƙarshe ta karɓar aiki, ya ce alhamdu lillahi, ya kwanta. Kwana biyu sai ga saƙon malamin da ke duba masa aikin, layi ɗaya tak: fayil ɗinka bai buɗe ba. Abin da malamin ya gani a fuskar kwamfutarsa, in da Adobe Reader yake aiki, shi ne "The file is damaged and could not be repaired", wato fayil ya lalace kuma manhajar ta kasa gyara shi.

Kafin ɗalibi ya rubuta komai, ya kamata ya san abin da ke ran malamin. Malaman jami'a sun san tsohuwar dabarar nan: wanda bai gama aiki ba ya tura lalataccen fayil da gangan, ya samu ƙarin kwanaki kafin a gano. Saboda haka aikin imel ɗin da zai biyo baya ba roƙon afuwa kawai ba ne. Aikinsa shi ne ya nuna cewa kundin da aka tura yanzu shi ne dai na ranar farko, ba a ƙara masa ko waƙafi ba.

Me ke lalata PDF? Tsarin fayil ɗin ne ya sa yake da saurin rauni. Layinsa na farko yakan fara da `%PDF-`, na ƙarshe kuma shi ne `%%EOF`. Daf da ƙarshen akwai wani jadawali mai suna `xref`, wanda ke gaya wa manhaja inda kowane shafi da hoto da salon harafi suke a cikin fayil ɗin. Manhajar karatu daga ƙarshen take farawa. In an yanke wutsiyar fayil, ya zama kamar littafin da aka tsinke ɗinkinsa kuma shafukansa ba lamba. Yankewar kuwa abu ne mai sauƙi: a zare filash kafin kwafi ya kammala, ko tura fayil daga kwamfuta zuwa waya ya katse a tsakiya, ko batir ya mutu ana cikin adanawa.

A ɗauki misalin wata ɗaliba da kundinta ke da shafi 112. A kwamfutarta girman fayil ɗin megabait 8.4 ne. Ba ta da data, sai ta kwafa a filash cikin gaggawa, ta je shagon intanet ta tura daga can. Da saƙon malam ya zo, abin da ta fara yi shi ne shiga akwatin `Sent`, ta sauke ainihin abin da ta tura. Ya ƙi buɗewa a wajenta ma, girmansa kuma megabait 3.1. Wannan bambancin girman ya warware mata komai: fiye da rabin fayil ɗin bai taɓa shiga filash ba. Da ya buɗe lafiya a wajenta, da sai a ce saukewar ce ta katse a ɓangaren malam, maganin kuma shi ne a sake saukewa.

Akwai wani gwajin da ba ya cin minti ɗaya. A buɗe fayil ɗin da Notepad a dubi farkonsa. In da `PK` ya fara maimakon `%PDF-`, mai yiwuwa fayil ɗin Word ne aka sauya wa ƙarshen suna daga `.docx` zuwa `.pdf`. Sauya suna ba ya mayar da fayil PDF, amma ɗalibai da dama na yin haka da zuciya ɗaya.

Gyara mafi inganci shi ne a koma tushe. In lafiyayyen PDF na nan a kwamfuta, shi za a tura yadda yake, domin ranar da aka ƙirƙire shi tana rubuce a cikinsa, malam na iya ganinta a `Properties`. In babu, a sake fitar da shi daga Word, amma a faɗa wa malam an yi haka, tunda sabon zai ɗauki sabuwar rana. Sai in tushen ya ɓace gaba ɗaya ake komawa ga manhajar gyara irin su qpdf, wadda kyauta ce:

```
qpdf --check kundi.pdf
qpdf kundi.pdf kundi_gyararre.pdf
```

Umarnin farko yana faɗin inda ɓarnar take, na biyun yana ƙoƙarin sake gina jadawalin ya fitar da sabon fayil. Iyakarsa ke nan. Abin da bai shiga fayil ba, babu manhajar da za ta dawo da shi. Daga megabait 3.1 ba za a samu cikakken kundi ba. Shafukan intanet masu gyaran PDF kyauta kuwa, ni dai ba na ba da shawararsu, don miƙa binciken da ba a kare ba ne ga wanda ba a sani ba.

Ko wace hanya aka bi, a duba sabon kwafin daga bango zuwa bango: yawan shafuka, jadawalai, hotuna, manazarta. Masu rubutu da Hausa su lura da ƙ da ɗ da ɓ, domin in salon harafin bai shiga cikin fayil ba, sukan koma 'yan akwatuna a kwamfutar wani. A tura wa kai, a buɗe a waya, sannan a tura wa malam.

Ga irin saƙon da ɗalibar ta kamata ta rubuta, ta hanyar danna `Reply` a kan saƙon malam, don ranar turawar farko ta kasance a ƙasa yana gani:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na ga saƙon Malam cewa kundina bai buɗe ba, ina neman afuwa. Na duba abin da na tura ranar Litinin, na tarar kwafin bai kammala shiga filash ba: megabait 3.1 ya zo maimakon 8.4. Ga cikakken nan na haɗo, shafi 112, shi ne ainihin wanda na fitar ranar Lahadi, ban sauya komai a cikinsa ba. Na gwada shi a kwamfuta da waya, ya buɗe. In Malam na bukatar na Word ɗin, zan turo nan take. Na gode, Allah ya saka da alheri." Sai suna, lambar rajista da sashe.

Ko da Turanci za a rubuta, kamar yadda yawancin sassa ke bukata, ƙashin bayan ɗaya ne. Neman afuwa sau ɗaya ya isa. Babu labarin ɗauke wuta, babu ɗora laifi a kan mai shago, babu alamar cewa kwamfutar malam ce ke da matsala. Lambobin nan su ne hujja, don malam na iya tabbatar da su da kansa.

Jarrabawa mafi girma tana zuwa ne lokacin duba sabon kwafin, idan ido ya faɗa kan kuskuren rubutu a shafi na 40. Kada a taɓa shi. In kuwa an gyara, to a faɗa a fili, a bar malam ya yanke hukunci, domin wasu sassan na ɗaukar kundin da aka sauya bayan wa'adi a matsayin wanda ya makara. A kuma tura amsar ranar da saƙon malam ya iso: fayil ɗin da aka ce yana nan a shirye ba ya bukatar kwana uku kafin ya fito.