Tafiyar da Ma'aikatan da Agogonsu Ya Bambanta ta Hanyar Rubutaccen Rahoto

Idan ma'aikatan kamfani ɗaya suna warwatse a ƙasashe masu nisa, babbar matsalar shugabansu ita ce agogo. Lokacin da wani yake buɗe kwamfutarsa, wani ya tashi daga aiki, wani kuma yana tsakiyar barci. Kiran taro kullum ba zai yiwu ba sai an hana wani barci. Hanyar da kamfanoni da yawa suka runguma ita ce kowa ya rubuta inda aikinsa ya tsaya kafin ya tashi, sauran su karanta idan nasu lokacin ya zo, ba tare da an jira a haɗu ba. Kamfanin GitLab, wanda ba shi da ofis kuma ma'aikatansa suke a ƙasashe da dama, ya yi suna da wannan tsari, har ya tara ƙa'idojin aikinsa a wani kundi da kowa zai iya karantawa a intanet.

Kafin a tsara komai, sai an yi lissafin sa'o'i. A ɗauka ana haɗa wata manhajar sayar da kaya, shugabar aikin tana Kano, mai rubuta manhajar yana Bangalore a Indiya, mai gwada ta kuma yana Toronto a Kanada, kowa yana aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma a garinsa. Bangalore tana gaban Kano da awa huɗu da rabi. Toronto kuwa, a watan Janairu, tana bayan Kano da awa shida. Ke nan mutumin Bangalore yana tashi daga aiki da ƙarfe 12:30 na rana agogon Kano, na Toronto kuma ba ya zama sai ƙarfe 3 na yamma. Shugabar tana samun na farko na awa uku da rabi da safe, tana samun na biyu na awa biyu da yamma, amma su biyun ba su taɓa haɗuwa a bakin aiki, domin tsakaninsu awa goma da rabi ne.

Daga wannan lissafi ake gane tsadar tambaya. Mai rubuta manhaja ya bar saƙo da ƙarfe 5 na yammarsa cewa akwai matsala wajen biyan kuɗi, a duba. Mai gwaji ya zauna bayan awa biyu da rabi, ya karanta, bai gane ba, ya tambaya wace irin matsala ce. A Bangalore lokacin ƙarfe 7:30 na dare ne, mutumin yana cikin iyalinsa. Da ya ga tambayar washegari da ƙarfe 9 ya amsa, a Toronto ƙarfe 10:30 na dare ne. Sai gari ya sake wayewa mai gwaji zai karanta amsar. Tambaya ɗaya tak, wadda a ofis ɗaya ba za ta ci minti guda ba, ta cinye awa ashirin da huɗu. Idan amsar ta haifar da wata tambayar, ita ma ta haifar da wata, kwana uku sun tafi ba a taɓa aikin ba, kuma babu wanda ya yi kasala.

Saboda haka ma'aunin rahoto mai kyau guda ne: mai karantawa ya iya ɗaukar mataki ba tare da ya koma ya yi tambaya ba. Tsarin ya yi kama da takardar miƙa aiki da ma'aikaciyar jinya take bari idan za ta tashi, inda wadda ta karɓe ta take ganin maganin da aka bayar da wanda ya rage ba sai ta buga mata waya ba. Ga yadda wancan saƙo ya kamata ya kasance:

"Biyan kuɗi da kati yana tsayawa idan mai saye ya sa lambar ragi. Na gwada sau biyar, duk biyar ɗin sun tsaya a shafin tabbatarwa. Ba tare da lambar ba kuwa yana wucewa lafiya. Na sa hoton allon da saƙon kuskuren a ƙasa. Na yi gyara, yana kan manhajar gwaji, bai hau ta jama'a ba tukuna. Mai gwaji, don Allah ka gwada da lambar ragi a waya da kuma kwamfuta. Idan duka sun wuce, ka rubuta nan, zan ɗora shi da safe. Idan ɗaya ya tsaya, ka turo hoton allo da lambar da ka yi amfani da ita."

Rubuta wannan ba zai wuce minti goma ba. Ya faɗi abin da ya faru, da abin da aka riga aka gwada, da inda aikin yake a yanzu, da wanda ake son ya motsa. Mafi amfani a cikinsa shi ne jimloli biyun ƙarshe, domin sun hango rassa biyu da al'amarin zai iya bi, sun ba da umarni a kan kowanne. Wannan hangen shi ne yake kashe tambayar da za ta ci yini.

Akwai wata ɗabi'a mai kyau da take zama cikas a nan. Wanda ya tashi cikin al'adar gaisuwa yakan ji nauyin faɗawa cikin magana kai tsaye, sai ya tura sallama ko "ina kwana" ya zauna jiran amsa kafin ya faɗi buƙatarsa. Tsakanin Kano da Toronto wannan jira yana iya kaiwa rabin yini. Ba a ce a bar gaisuwa ba. A haɗa ta da buƙatar a saƙo ɗaya, ladabi bai ragu ba, aiki kuma bai tsaya ba.

Aikin shugaba a wannan tsari ya fi na kowa nauyi, ko da yake ba a ganinsa sosai. Shi zai tsayar da wuri guda da ake ajiye rahoto. Idan wani bayani yana WhatsApp, wani yana imel, wani kuma yana cikin kan mutum biyu da suka yi waya, wanda ya farka daga baya zai ɓata safiyarsa yana tsince-tsince. Shi kuma zai fayyace lokacin da ake sa ran amsa, misali cikin yinin aiki guda, don kada mutum ya riƙa kwana da waya a hannu yana tsoron a ce ya yi shiru. Sama da duka, dole ya karanta ya amsa. A misalin da ke sama, shugabar da ke Kano tana tsakiya ne. Idan ta karanta rahoton Bangalore da ƙarfe 12 na rana, kafin mai shi ya tashi, ta ga giɓi, tana da rabin awa ta sa ya cike shi, sai mutumin Toronto ya tarar da komai a kammale. Don haka yana da kyau a ce rahoton ya fito minti talatin kafin tashi.

Yanke shawara ma yana da tasa dabara. Jiran kowa ya ce "na yarda" yana iya ɗaukar mako. Abin da ya fi shi ne a rubuta shawarar tare da dalilinta da wa'adinta: za a ɗage fitar da sabon shafin zuwa Litinin saboda gyaran biyan kuɗi, wanda yake da ja ya rubuta kafin Alhamis ƙarfe 14:00 UTC, in ba haka ba an zartar. Wa'adin bai kamata ya gaza awa ashirin da huɗu na ranar aiki ba, domin kowa ya samu yini guda yana farke ya gani. Idan kuma shugabar da mutumin Toronto suka yanke wani abu ta waya a awa biyun da suke haɗuwa, wajibi ne a rubuta shi nan take. In ba a yi ba, na Bangalore zai wayi gari ya ci gaba da aiki a kan tsarin da aka riga aka soke, kuma sannu a hankali zai fara jin cewa shi ɗan kallo ne.

Ana iya gane tsarin ya fara lalacewa tun kafin aiki ya rushe. Rahoton da ya koma "ina kan aikin jiya" kwana uku a jere yana nuna mutum ya maƙale ne yana jin kunyar faɗa, kuma a nan shugaba zai neme shi shi kaɗai. Rahoton da ya zama dogon jerin duk abin da aka taɓa, har da imel ɗin da aka amsa, alama ce cewa ma'aikata sun ɗauke shi a matsayin hanyar sa ido, suna rubutawa don kare kai. Laifin yawanci na shugaba ne da yake ƙirga saƙonni maimakon ya duba abin da aka gama. Idan kuma mutane suna yawan tambayar abin da yake rubuce tun jiya, to ba a karantawa, ko don rahoton ya yi tsawo, ko don an binne buƙatar a ƙasansa maimakon a sa ta a layin farko.

Rubutu yana da iyakarsa. Idan manhajar jama'a ta faɗi, masu saye suna asarar kuɗi, waya ake bugawa, kuma tun da wuri ake rubuta wanda za a kira a kowane lokaci da irin matsalar da ta isa a tashi mutum daga barci. Saɓani tsakanin mutum biyu ma, idan ya kai saƙo uku ko huɗu bai warware ba, gara a yi magana da baki, don rubutu ba ya ɗauke da murya, kuma gajeriyar jimla tana iya zama kamar tsawa ga mai karantawa. Haka gyaran kuskuren ma'aikaci da tarbar sabon shiga. Idan dole sai an yi taron kowa da kowa, adalci shi ne a riƙa juya lokacin, kada kullum mutum ɗaya ne yake zama da daddare.

Sauran abin kula shi ne yadda ake rubuta lokaci. "Gobe da safe" ba ta da ma'ana ɗaya ga mutum uku, kuma 03/04 tana nufin 3 ga Afrilu a Najeriya amma 4 ga Maris a Amurka, don haka a rubuta sunan watan. Najeriya da Nijar da Indiya ba su canja agogo, amma Toronto tana tura nata gaba da awa guda a Lahadi ta biyu ta Maris, ta mayar da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba, yayin da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suke yin nasu a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. A tsakanin Maris da Nuwamba tazarar Kano da Toronto tana komawa awa biyar, haɗuwarsu ta zama awa uku. Shi ya sa ake rubuta wa'adi da UTC, wanda ba ya motsi: 14:00 UTC ƙarfe 3 na yamma ne a Kano, 7:30 na dare a Bangalore duk shekara. Kalandar da kowa yake gani kuma ta ƙunshi lokacin sallar Juma'a, da hutun Sallah, da Diwali, da Kirsimeti, domin kada a sa wa'adi a ranar da mai amsawa ba ya bakin aiki.