An Cire Kuɗi, Shafin Makaranta Bai Gani Ba

Wata makaranta mai zaman kanta a Kano ta buɗe shafin intanet da iyaye ke biyan kuɗin zango a kai. Uba ya shiga da wayarsa, ya biya Naira 45,000, banki ya cire kuɗin, amma shafin yana nan yana nuna ana bin ɗansa bashi. Kuɗin ba su ɓata ba, suna wurin kamfanin da ke karɓar biya a madadin makarantar. Abin da ya ɓata labari ne, saƙon da ya kamata ya taso daga na'urar kamfanin ya shaida wa na'urar makarantar cewa wane ya biya.

Masu rubuta manhaja suna kiran wannan saƙo webhuk. Makaranta tana ba kamfanin adireshin intanet guda, ta ce duk lokacin da wani abu ya faru a turo bayani nan. A kamfanin Paystack, alal misali, idan biya ya yi nasara ana tura saƙo mai suna `charge.success`, ɗauke da lambar shaidar cinikin da adadin kuɗin a kwabo, wato Naira 45,000 za ta zo a matsayin 4500000. Uwar garken makarantar, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana karɓa ta amsa da lambar 200, ma'ana saƙo ya iso. Cikin 'yan daƙiƙu sunan yaro ya koma jerin waɗanda suka biya.

Saurin nan ne ya sa ake son tsarin. Da babu shi, sai na'urar makarantar ta riƙa tambayar kamfanin kowane minti ko akwai sabon labari, kuma mafi yawan lokuta amsar ita ce babu. Sai dai duk ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta banki ya san halin alat: yawanci yana shigowa nan take, wani lokaci ya yi jinkiri, wani lokaci ya shigo sau biyu, wani lokaci kuma shiru. Mai shagon da ya san abin da yake yi ba ya rufe lissafin yini da alat kaɗai, sai ya buɗe asusunsa ya gani da idonsa.

Kamfanonin da ke tura webhuk sun san saƙo na iya faɗuwa, shi ya sa da yawansu ke sake gwadawa. Paystack na sake turawa duk bayan minti 3 har sau huɗu, daga nan ya koma sau ɗaya a awa har tsawon awa 72. Stripe ma yana ta gwadawa har kwana uku, yana ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji. GitHub kuwa, inda masu manhaja ke ajiye ayyukansu, yana jiran amsa daƙiƙa 10 ne, kuma idan saƙo ya faɗi ba ya sake turawa da kansa, sai mai abin ya nema.

Kwana uku kamar da yawa, amma a auna shi da hutun Sallah. A ce satifiket ɗin tsaron shafin makarantar ya ƙare aiki ranar Juma'a da ƙarfe tara na dare, ko kuɗin hayar uwar garke ya ƙare aka kashe ta. Biyan da aka kammala a daidai lokacin za a yi ta ƙoƙarin isar da labarinsa har daren Litinin. Mai kula da shafin ya tafi ƙauye, bai dawo ba sai Laraba. Ya gyara, komai ya tashi, sababbin saƙonni suna shigowa lafiya lau. Na daren Juma'ar kuwa an daina turo su.

Akwai wadda ta fi wannan muni, domin ba ta barin alama. Ƙa'idar aiki ita ce a amsa da 200 da wuri, a ajiye saƙon a layi, sannan a yi aikinsa daga baya, don kada mai turowa ya gaji da jira. To idan an amsa da 200, sai rumbun bayanan makarantar ya maƙale kafin a rubuta biyan fa? A wurin kamfanin an isar da saƙo, babu dalilin sakewa. A wurin makaranta kuma babu abin da aka rubuta. Kowane ɓangare yana ganin lafiya ƙalau, sai ranar da aka tsayar da yaro a bakin ƙofa.

Tushen matsalar shi ne na'ura ba ta iya jin saƙon da bai zo ba. Shirun da ke nufin babu wanda ya biya da shirun da ke nufin mutum ashirin sun biya ba a ji ba, kamanninsu ɗaya. Babu yawan sake gwadawa da zai warkar da wannan, tunda mai turowa ne kaɗai ya san akwai abin turowa. Dole mai karɓa ya tashi da kansa lokaci-lokaci ya je ya tambaya. Wannan zagaye, da zan kira sintiri, wani ɗan aiki ne da agogon uwar garke ke tayarwa, a ce duk minti 15, ko saƙo ya zo ko bai zo ba.

Tambayar farko da sintiri zai yi daga gida take farawa. Duk lokacin da uba ya danna maɓallin biya, makaranta ta riga ta rubuta layi a rumbunta da lambar shaida, misali `MK-2041`, da matsayin jira. Sintiri zai ɗebo duk layukan da suka wuce minti 10 suna jira, ya tambayi kamfanin labarin kowanne. A Paystack hanyar ita ce `GET /transaction/verify/MK-2041`. Idan amsa ta ce an biya, kuma adadin ya yi daidai da 4500000 da ake jira, sai a gyara layin. Duba adadin ba ƙa'ida ce ta banza ba, domin wanda ya biya 4,500 ma biyansa ya yi nasara.

Tambaya ta biyu daga wajen kamfanin take: ba ni jerin duk abin da ya faru daga lokaci kaza zuwa yanzu. Ita ce ke kamo abin da makaranta ba ta ma san tana jira ba, kamar kuɗin da aka mayar wa mai shi bayan an rubuta ya biya. A nan ake ajiye alamar inda sintirin baya ya tsaya, kuma a nan ne masu manhaja suka fi yin tuntuɓe. Idan zagayen baya ya tsaya a 10:00, na gaba bai kamata ya fara daga 10:00 cif ba. Agogon na'urori biyu kan saɓa da 'yan daƙiƙu, kuma cinikin da aka fara 9:58 yana iya kammala 10:20 idan ta hanyar tura kuɗi daga banki aka biya. In jerin yana bin lokacin da aka fara ciniki ne, wannan ya faɗa tsakanin zagaye biyu, na farko ya gan shi bai kammala ba, na biyu bai waiwaye shi ba. Don haka a koma baya da awa guda ko biyu a kowane zagaye. Sannan ba a matsar da alamar gaba sai an gama karanta jerin har shafinsa na ƙarshe ba tare da kuskure ba. Amfanin wannan ya fito a labarin hutun Sallah: sintirin ma ya mutu tare da uwar garken, amma ranar Laraba da ya farka alamarsa na nan a daren Juma'a, daga can zai taso.

Komawa baya na nufin za a ga ciniki ɗaya sau da yawa. Webhuk ya kawo shi, wataƙila sau biyu, sintiri ya sake gani sau huɗu ko takwas. Idan kowane gani yana ƙara Naira 45,000 a asusun yaro, an gyara ɓarna da ɓarna. Maganin shi ne a rubuta aikin yadda maimaita shi ba ya canza komai:

```sql
UPDATE biya SET matsayi = 'an_biya'
WHERE lamba = 'MK-2041' AND matsayi = 'jira';
```

Karon farko layi ɗaya ya canza, sai a tura wa uba rasit. Karo na biyu babu layin da ke jira, rumbun ya ce sifili ne ya canza, sai a wuce. Ko webhuk da sintiri sun iso a daƙiƙa guda, ɗaya ne zai samu layin.

A ganina mafi kyawun tsari shi ne kada a bar saƙon webhuk ya rubuta komai da bakinsa. A duba sa hannunsa tukuna, wanda Paystack ke sakawa a `x-paystack-signature`, domin adireshin a buɗe yake, kowa na iya turo saƙon ƙarya cewa ya biya. Bayan nan a ɗauki lambar shaida kawai a miƙa wa aikin da sintiri ke kira, shi ya je ya tambayi kamfanin halin da cinikin ke ciki yanzu. Wannan na kashe wata matsalar daban: Stripe ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin saƙonni za su iso bisa jerin faruwarsu ba. Idan labarin mayar da kuɗi ya riga labarin biya isowa, na'urar da ke gaskata saƙo na ƙarshe za ta rubuta an biya. Wadda ke zuwa ta tambaya ba ruwanta da wanda ya riga wani. Hanya biyu da lambobin aiki daban-daban kuma ba sa daɗewa sai sun saɓa, a gyara ɗaya a manta ɗaya.

Nawa ne tazarar da ta dace? Ya danganta da tsawon lokacin da za a iya jure kuskure. Mai sayar da katin waya ba zai bar abokin ciniki ya jira minti 15 ba, makaranta kuwa za ta iya. Matsewa da yawa ma tana da farashi, domin kamfanoni na ƙayyade yawan tambaya, wanda ya wuce iyaka a amsa masa da 429, wato ka cika tambaya. Abin da aka saba shi ne zagaye biyu: gajere mai duba awannin baya-bayan nan, da dogo sau ɗaya cikin dare mai waiwayar mako guda. Waiwayen ma yana da iyaka, Stripe kwana 30 yake ajiye jerin saƙonninsa don a ɗebo.

Sintiri mai kyau yana da wani haɗari nasa, shi ne yana rufa wa webhuk asiri. Webhuk na iya mutuwa wata guda babu wanda ya lura, tunda komai na daidaita bayan minti 15, iyaye dai suna cewa shafin ya ɗan yi nauyi. Saboda haka kowane zagaye ya rubuta adadin cinikin da shi ne ya fara gyarawa. Sifili ko ɗaya jefi-jefi ba komai. Idan zagaye uku a jere kowanne ya kamo goma, a aika wa mai kula da shafin saƙon tes ya duba adireshin da satifiket. Shi ma sintirin a rubuta lokacin da ya kammala zagayensa na ƙarshe, wata na'ura da ke wajen uwar garken ta riƙa dubawa, idan awa guda ta wuce lokacin bai motsa ba ta buga ƙararrawa.