Wasiƙar Neman Gwajin Wata Uku: Abin da Likita Ke Son Gani a Ciki

A ce wata matashiya ce a Kano, sana'arta kula da shafukan sada zumunta na 'yan kasuwa, ba ta ƙarƙashin kowane kamfani. Ta lura da wani asibitin kuɗi na mata da yara a unguwarsu. Rabon da a saka wani abu a shafinsa na Facebook tun sallar bara, lambar wayar da ke kai ba ta shiga, ga tambayar wata mata kan ranar awon ciki ta yi mako uku babu amsa. Sai ta yanke shawarar rubuta wa mai asibitin wasiƙa, ta nemi ya gwada ta na wata uku.

Irin wannan wasiƙa ba ta wuce shafi ɗaya, domin likita tsakanin mara lafiya da mara lafiya zai karanta ta. Bayan sallama da "ranka ya daɗe, Likita", ba da tarihin karatunta za ta fara ba. Abubuwa ukun nan da ta gani da idonta za ta ajiye masa, cikin ladabi, ba tare da ta kushe ma'aikatansa ba. Wannan ne zai nuna masa cewa ba wasiƙar da aka raba wa asibitoci goma ba ce aka canza suna.

Daga nan sai ta fayyace aikin kowane wata. Watan farko na gyara ne: lambar waya, lokutan aiki, adireshi a taswirar Google, da buɗe WhatsApp Business mai ɗauke da amsoshin da likita ya amince da su. A wata na biyu a riƙa saka abu uku a mako, kamar ranakun awo da rigakafi, ko ɗan bidiyon likita da Hausa yana bayanin zazzaɓin cizon sauro lokacin damina. Wata na uku a ci gaba da abin da ya ja mutane, a bar wanda bai ja ba. Dalilin wata uku ke nan, wata guda gyara kaɗai zai cinye shi, shekara kuwa ta yi yawa ga wanda bai san aikinka ba.

Inda yawancin wasiƙu ke tuntuɓe shi ne ma'auni. Alkawarin mabiya dubu goma ba ya biyan albashin nas, balle idan rabinsu suna Legas. Abin da ya dace ta ce shi ne: mai yankar kati ya riƙa tambayar kowane sabon zuwa a ina ya ji labarin asibitin, ya rubuta a littafi, tun daga ranar farko. Sannan ta raba kuɗi gida biyu. Misali, ladanta naira 80,000 a wata, kuɗin tallan da ake biyan Facebook kuma naira 30,000 a wata na biyu da na uku, kai tsaye daga katin asibitin. Jimla 300,000. Idan kowane sabon mara lafiya yana barin ribar 6,000, sai an samu mutum 50 kafin uwar kuɗi ta dawo. Likita zai yi wannan lissafi ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba, gara ta riga shi.

Asibiti kuma ba shagon atamfa ba ne. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Likitoci ta MDCN sun taƙaita yadda likita ke tallata kansa, hukumar ARCON da dokar 2022 ta kafa tana tantance talla kafin a fitar, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Don haka wasiƙar ta faɗa ƙarara: babu hoton mara lafiya sai da izininsa a rubuce, babu alkawarin waraka, babu "mun fi kowa". Ita ba za ta rubuta wa kowa magani a saƙo ba, duk tambayar ciwo za ta miƙa wa ma'aikacin lafiya. Babu abin da zai fita sai likita ya gani.

A ƙarshe ta tabbatar masa cewa shafin mallakar asibiti ne. Za a ba ta izinin aiki ta Meta Business Suite, wanda zai iya janyewa ranar da ya ga dama, kuma kowannensu na iya fasawa da sanarwar mako biyu. Ta rufe da buƙata guda: ganawar minti goma sha biyar ranar Talata bayan la'asar.

Mai asibitin da ya samu wasiƙa babu ma'auni, babu iyakar aiki, babu ƙofar fita, kada ya sa hannu.