Yadda Gizo Ke Auna Fahimtar Ɗan Aji Biyar

A makarantun firamare, malamin Hausa kan rubuta gajeren labari a allo, ya jera tambayoyi a ƙasa, a kira darasin auna fahimta. Idan labarin tatsuniya ne, aji yakan yi tsit tun daga "Ga ta nan, ga ta nanku", domin yaro ya san Gizo da Ƙoƙi kafin ya san baƙi da wasali. Masana sun daɗe da lura da haka. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni, waɗanda suka daɗe a hannun 'yan makaranta.

Sai dai wannan sabo yana da illarsa. Idan aka ɗauko tatsuniyar da kowace kaka ke yi, yaro zai amsa tambayoyin daga abin da ya ji a ɗakin kakarsa, ko da bai karanta layi ɗaya ba. Shi ya sa gogaggen malami kan ƙirƙiro sabuwa a kan tsohon zubi: taurarin na gargajiya, halayensu ba su sauya ba, amma abin da ya faru sabo ne.

Ga misali, a taƙaice. Da damina ta faɗi, Sarki ya ba Gizo irin gero mudu guda, ya ba Kurciya irin dawa, ya ce kowa ya kawo dami da kaka. Gizo na isa gida ya sa Ƙoƙi ta daka geron ta dama masa fura. Kullum da safe sai ya saɓa fartanya, ya je gindin tsamiya ya yi ta barci, da yamma ya shafa taɓo a ƙafa ya dawo yana nishi. Da kaka ta yi, ya laɓaɓa gonar Kurciya cikin dare, ya ɗaure dami, gari na wayewa ya dire shi a fada. Sarki ya dubi zangarkun, ya ce, "Gizo, ashe a gonarka iri yakan rikiɗa?" Gizo ya yi tsalle ya maƙale a rufin zaure. Ƙurunƙus!

In aka cika shi da zance da siffantawa, labarin zai kai kalmomi 200 zuwa 250, daidai ƙarfin ɗan aji biyar.

Tambayar farko ta zama mai sauƙi: "Wane iri Sarki ya ba Gizo?" Amsar tana kwance a jimla ɗaya, kuma ko mai rauni zai samu abin kamawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi tambayoyi biyar duk irin wannan. Yaro mai wayo sai ya nemo kalmar "iri" da ido, ya kwafe jimlar, ya cinye maki. Gane shi ba wuya: amsarsa takan zo da guntun zancen da ba a tambaya ba, har da "da damina ta faɗi".

Inda aikin yake shi ne tambayar da labarin bai furta amsarta ba: "Yaya Sarki ya gane Gizo sata ya yi?" Babu inda aka rubuta dalilin. Dole yaro ya riƙe geron da aka ambata a farko, ya tuna gonar Kurciya ta dawa ce, ya haɗa su da maganar Sarki. Wanda ya rubuta "saboda Gizo ɓarawo ne" tsohon saninsa ya kawo. Wanda ya ce "gero aka ba shi, ya kawo dawa" shi ne ya karanta. Haka "Me ya sa Gizo yake shafa taɓo?" take, sai dai ta fi sauƙi. Kalmar "rikiɗa" kuma a nemi ma'anarta daga zancen Sarki, kada a bayar da ita tun farko.

Ita kuwa tambayar nan ta "Wane darasi ka koya?" ba ta auna komai. Aji guda zai rubuta "sata ba kyau", kuma amsar za ta dace da tatsuniyoyi barkatai. Gara a ce, "Me kake gani Kurciya za ta ce idan ta je gonarta? Kawo hujja daga labarin."

Akwai kuma tsamin bakin Gizo, wanda ke sa yara dariya idan ana ba da tatsuniya da baki. A rubuce, gurɓatattun kalmomin kan rikita mai koyon ƙa'idar rubutu, don haka a bar wa malami ya kwaikwaya lokacin da yake karantawa a bayyane.

Kafin takardar ta shiga aji, akwai gwaji mai arha: a ba wani yaro tambayoyin kaɗai, ba tare da labarin ba. Duk wadda ya amsa daidai, a cire ta a sake wata.